Yadda ake amsa tambayar dalilai da sakamakon ƙaura zuwa birni

Yaranmu na Maiwurno da Gadarif da Madani da unguwannin Khartum sun san ƙaura tun kafin su gan ta a littafi. Da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Sudan ka rasa labarin kakan da ya taso daga Sakkwato ko Kano ko Katagum da niyyar hajji, ko ɗan'uwan da ya tafi Saudiyya neman aiki, ko dangin da yaƙi ya taso da su. Duk da haka, idan tambayar ƙaura ta fito a jarrabawar nazarin zamantakewa, da yawa suna barin maki a kanta. Abin da ke jawo haka guda ne. Ɗalibi yakan jera kalmomi, ya rubuta fari, talauci, yaƙi, rashin aiki, ya ɗauka ya gama. Mai duba takarda kuwa yana neman ya ga yadda fari ya kai mutum ga barin garinsu, da abin da ya biyo baya, da wanda abin ya shafa. Wannan haɗin shi ne amsar, shi kuma za mu koya a nan da tambaya guda da za mu bi daga farko har ƙarshe:

"Bayyana dalilan ƙaura daga karkara zuwa birnin Khartum, sannan ka nuna sakamakonta."

Mataki na farko: karanta tambayar da alƙalami a hannu

Kafin ka rubuta komai, ja layi a ƙarƙashin abu uku: kalmar umarni, irin ƙaurar da ake nufi, da wurin da aka ambata.

Tunda da Larabci ake tambaya a makarantun nan, kalmar umarni ita ce za ta gaya maka tsawon amsar. Idan aka ce uzkur, ambato kawai ake so, layi ɗaya ga kowane batu ya isa, kada ka ɓata lokaci. Idan aka ce allil, dalili ake nema, dole kalmar "saboda" ta fito a amsarka. Idan aka ce ishrah ko waddih, bayani ake so, kowane batu sai ya samu jimla biyu ko uku. Idan aka ce ƙarin, abu biyu za ka auna da juna. Tambayarmu ta bayani ce, don haka jerin kalmomi ba zai wadatar ba.

Sai irin ƙaurar. Wanda ya bar Kurdufan ya koma Umdurman yana cikin ƙasarsa, ƙaurar cikin gida ya yi. Wanda ya tafi Jidda aiki ya tsallaka iyaka, shi ne ake kira mugtaribi. Wanda yaƙi ko fari ya kora amma bai fita daga ƙasa ba, nazihi ne, wanda kuma ya tsallaka zuwa Cadi ko Masar don tsira da rai, ɗan gudun hijira ne. Akwai kuma ɗan ci-rani, mai zuwa Gadarif yankan riɗi da dawa ko Jazira tsinkar auduga, ya koma gida idan aiki ya ƙare. Tambayarmu ta ce daga karkara zuwa Khartum. Ke nan duk abin da ka sani game da masu tafiya ƙasashen Larabawa, komai kyansa, ba wurinsa ba ne a nan. Na sha ganin takarda mai kyan rubutu da aka cika da labarin likitocin da suka bar ƙasa, alhali an tambayi mai barin ƙauye. Irin wannan amsar ba ta samun komai, domin tambayar da aka yi ba ita aka amsa ba.

Abu na uku, ka lura tambayar rabi biyu ce. Akwai dalilai, akwai sakamako. Idan maki goma ne a kanta kuma ba a nuna rabon ba, ka ɗauka biyar da biyar ne, ka raba lokacinka haka. Ɗalibai da yawa sukan zuba ƙarfinsu a dalilai, su zo sakamako da layi biyu saboda lokaci ya ƙure.

Mataki na biyu: zana wuri biyu a gefen takarda

Kowace ƙaura tana da inda aka taso da inda aka sauka. A takardar gwaji, ja layi a tsakiya. Hagu ka rubuta ƙauye, dama ka rubuta Khartum. Sai ka ja wani layin a kwance, sama dalilai, ƙasa sakamako. Ka samu gida huɗu ke nan: abin da ya kori mutum daga ƙauye, abin da ya ja shi birni, abin da tafiyarsa ta jawo wa ƙauye, abin da zuwansa ya jawo wa birni.

Wannan zanen minti biyu zai ci maka, amma shi zai nuna maka inda amsarka take da rami. Gidan da aka fi bari babu komai shi ne na uku, wato abin da ya sami ƙauyen da aka bari. Kowa yana tuna cunkoson birni, kaɗan ne ke tuna gonar da aka rasa mai nome ta.

Akwai tarko a gidaje biyun sama da ya kamata ka sani. Ɗalibi zai rubuta "babu asibiti a ƙauye" a hagu, ya rubuta "akwai asibiti a birni" a dama, ya ƙirga su dalilai biyu. Dalili ɗaya ne aka juya shi, mai dubawa kuma sau ɗaya zai ba shi maki. Idan ka yi amfani da asibiti a gefen kora, nemo wani abu daban a gefen ja cikin abubuwan da suke jan mutane kafin yaƙin 2023, kamar masana'antun Bahri, ko manyan kasuwanni irin Suk Libiya da ke Umdurman, ko jami'o'i, ko kasancewar dangi da suka riga suka sauka. Wannan na ƙarshen ina so ɗalibai su riƙe shi sosai, domin shi ke bayyana abin da talauci kaɗai ba ya bayyanawa. Talauci ya sa mutum ya tashi, amma me ya sa ya nufi unguwar Mayo bai nufi unguwar Haj Yusuf ba? Saboda a can ɗan garinsu yake, wanda zai ba shi wurin kwana ya nuna masa inda ake ɗaukar leburori. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan, haka zangunanmu suka kafu a kan hanyar gabas.

Mataki na uku: ƙulla kowane dalili har ya kai ga tafiya

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe.

Ɗauki fari. Ɗalibi ya rubuta: "Fari yana sa mutane ƙaura zuwa birni." Gaskiya ne, amma bai bayyana komai ba. Rashin ruwan sama ba ya ɗaukar mutum ya ɗora shi a mota. Akwai abubuwan da ke faruwa tsakanin ɗaukewar ruwa da ɗaure kaya, su ake so ka faɗa. Hanyar gano su ita ce ka riƙa tambayar kanka "sai me ya faru?" har ka isa ga tafiyar.

Ruwa ya ɗauke, sai me? Gero da dawa ba su yi ba, ciyawa ta ƙone, rijiyoyi suka ja baya. Sai me? Dabbobi suka rame, kowa ya kai nasa kasuwa a lokaci guda, farashinsu ya faɗi warwas, hatsi kuwa ya yi tsada saboda babu shi. Sai me? Makiyayin da a da tunkiya ɗaya ke sayo masa buhun dawa, yanzu sai ya sayar da da yawa kafin ya samu buhun. Sai me? Garke ya ƙare, rumbu ya ƙare, irin shuka ma an cinye. A nan ne iyali ke tashi su nufi inda ake rabon abinci ko ake samun aikin yini.

Ba za ka rubuta duk wannan a jarrabawa ba, amma daga cikinsa za ka fitar da jimloli uku: dalilin, hanyar da ya bi, da misali mai wuri da shekara. Ga yadda zai fito:

"Fari yana daga cikin manyan dalilai. Idan ruwa ya ɗauke amfanin gona yakan lalace, dabbobi su mutu ko a sayar da su da arha yayin da hatsi ke tsada, sai iyali su rasa abin dogaro su nufi birni neman abinci da aiki. Haka ya faru a farin 1984 zuwa 1985, lokacin da jama'a daga Kurdufan da Darfur suka sauka a Muwailih, yamma da Umdurman."

Dubi bambancin wannan da jimlar farko. Babu wata kalma mai wuya a ciki. Abin da aka ƙara shi ne tsakiyar labarin da kuma shaida.

Haka za ka yi wa yaƙi. Yaƙi yana hana noma domin manomi ba ya iya fita gona, yana rufe kasuwa da makaranta, yana sa mutum ya gudu ko da yana da abinci a rumbu. Misalinsa yaƙin kudu na biyu, daga 1983 zuwa 2005, wanda ya turo ɗimbin jama'a gefen Khartum, har aka kafa sansanoni a Jabal Auliya da Wad al-Bashir da Mayo. Idan tambayar ba ta ɗaure ka da Khartum ba, kana iya kawo Niyala, wadda ta cika ta batse bayan rikicin Darfur ya ɓarke a 2003, ga sansanin Kalma a kusa da ita.

Haka kuma za ka yi wa dalilin ja. Kada ka tsaya a "akwai aiki a birni". Ka ce ma'aikatun gwamnati da bankuna da yawancin masana'antu da manyan asibitoci sun taru a babban birni kafin yaƙin 2023, don haka a lokacin kuɗi a can suke yawo, har wanda ba shi da takardar makaranta yana iya samun na abinci da tuƙin rakasha, ko aikin gini, ko sayar da shayi a bakin titi. Kana iya ƙara wata magana da ke nuna ka fahimci abin da kyau: mutum yana tafiya ne a kan abin da yake tsammanin samu, ko da aikin bai tabbata ba. Shi ya sa ake ci gaba da zuwa birni alhali birnin cike yake da marasa aiki.

Dalilai uku da aka ƙulla haka sun fi bakwai da aka jera. Ni a ganina, a tambayar bayani, biyu daga gefen kora da ɗaya ko biyu daga gefen ja sun wadatar, muddin ba iri ɗaya ba ne. Ka ɗauko ɗaya na yanayi, ɗaya na tsaro, ɗaya na tattalin arziki, ɗaya na zamantakewa, sai amsar ta yi faɗi ba tare da maimaici ba.

Mataki na huɗu: raba dalili da sakamako

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini takardarta ta ce, "Malam, rashin aiki na sa shi a dalilai, ƙawata kuma ta sa shi a sakamako. Wa ya yi daidai a cikinmu?" Na ce mata kowaccensu tana iya yin daidai, ya danganta da rashin aikin ina ake nufi. Rashin aiki a ƙauye bayan an gama girbi dalili ne, shi ya tura matashi birni. Rashin aiki a birni saboda masu nema sun fi guraben yawa sakamako ne, zuwan jama'a ne ya haifar da shi. Matsalar takardun biyu ita ce babu wadda ta faɗi wurin.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka tambayi abu biyu game da kowane batu: kafin tafiya ya faru ko bayanta, kuma a ina ya faru? Abin da ya riga tafiya ya kuma haddasa ta, dalili ne. Abin da ya biyo bayanta, sakamako ne. Talauci, rashin tsaro, ƙarancin abinci, duka suna iya faɗawa kowane gefe, don haka kada ka rubuta ɗayansu tsirara, ka haɗa shi da wurinsa.

Wani lokaci sakamakon yakan koma ya zama sabon dalili. Matasa sun bar ƙauye, noma ya ragu, samun ƙauyen ya ƙara faɗuwa, sai waɗanda suka rage su ma su tashi. Idan ka rubuta wannan a jimla ɗaya a ƙarshen sashen, mai dubawa zai san ba hadda ka yi ba.

Mataki na biyar: sakamako a wuri biyu, mai daɗi da marar daɗi

Idan tambaya ta ce matsaloli ko illoli, marar daɗi kawai za ka kawo. Idan ta ce sakamako ko tasiri, kamar tamu, to duka biyun ake so, kuma a wurare biyun.

Fara da birni, ka ƙulla shi kamar yadda ka ƙulla dalili. Jama'a suna shigowa da sauri fiye da yadda hukuma ke iya yanka filaye da ja ruwa da wuta. Baƙon da ba shi da kuɗin haya sai ya kafa ɗaki da buhu da kwali da jar ƙasa a bayan gari, a filin da ba a tsara ba. Unguwa ta tashi babu famfo, babu magudanar ruwa. Wanda ya zauna a gefen Umbadda ya san abin da wannan ke nufi: da sassafe amalanken jaki ɗauke da ganga yana bin layi, matan gida suna fitowa da jarkoki suna saye, kuma mai sayen ruwan jarka yakan biya fiye da mai famfo a tsakiyar gari, alhali shi ne ya fi talauci. Idan damina ta yi ƙarfi, irin waɗannan unguwanni ne ke fara rushewa, kamar yadda aka gani a ambaliyar Khartum ta watan Agustan 1988. Ruwan da ya kwanta kuma ya kawo sauro da cututtukan ciki. Ka ga daga "cunkoso" mun fitar da gidaje, ruwan sha da lafiya, kowanne da hanyarsa.

Mai daɗin ma ka faɗe shi da gaske, kada ka manna shi kawai don cika sharaɗi. Baƙi su ne hannun da ke gina gidajen birni, su ne masu buga bulo a bakin kogi, su ne masu dako a kasuwa. Yawan jama'a yana faɗaɗa kasuwa. Ɗan baƙon da aka haifa a birni yakan samu makarantar da ubansa bai samu ba.

Sai ƙauye. Masu tafiya yawanci maza ne matasa, don haka waɗanda suka rage tsofaffi ne da mata da yara. Hannun noma ya ragu, kuɗin ƙwadago ya hau lokacin shuka da girbi, wasu gonakin a bar su. Aikin da ke kan mata ya ƙaru, domin gona da gida duk sun dawo wuyansu. A gefe guda kuma kuɗin da ake aikowa gida yana sayen hatsi a shekarar da ba a samu ba, yana biyan magani, yana sa a yi wa ɗaki rufin kwano. Inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, tafiyar wasu tana rage matsi a kan gona da makiyaya.

Ga yadda sakin layi guda na wannan sashen zai kasance a takardar amsa:

"A ƙauye, ƙaura tana rage masu aikin gona domin yawancin masu tafiya matasa ne, sai noma ya koma hannun tsofaffi da mata, amfanin da ake samu ya ragu. Sai dai kuɗin da matafiyan ke aikowa yana taimaka wa iyali wajen abinci da magani da karatun yara."

Idan an kawo alƙaluma

Wani lokaci tambayar takan zo da jadawali. Abu biyu ke kayar da ɗalibai a nan.

Na farko, ɗauka cewa duk ƙaruwar mutanen birni daga ƙaura take. Birni yana ƙaruwa ta hanya uku: haihuwa ta fi mutuwa yawa, masu shigowa sun fi masu fita yawa, ko kuma an faɗaɗa iyakar birnin ya haɗiye ƙauyukan gefensa. Mu gwada da alƙaluman da na ƙirƙira don atisaye kawai. Gari yana da mutum 200,000 a farkon shekara. An haifi 7,000, mutum 2,000 sun rasu, 9,000 sun shigo, 3,000 sun fita. Cire mutuwa daga haihuwa, ka samu 5,000, ƙaruwar haihuwa ke nan. Cire masu fita daga masu shigowa, ka samu 6,000, ribar ƙaura ke nan. Jimla 11,000. Raba 11,000 da 200,000 ka ninka da 100, ka samu kashi 5.5 cikin ɗari a shekara. Idan aka tambaye ka rabon ƙaura a ciki, 6,000 ne daga cikin 11,000, wato ya ɗan haura rabi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki 9,000 a matsayin ƙaura a manta da waɗanda suka fita. Hanyar gane kuskuren ita ce ka tara ɓangarorin biyu, idan ba su ba ka jimlar ƙaruwar da ke jadawalin ba, to wani wuri ka tsallake.

Na biyu, haɗa girman birni da yawan kason mazauna birane. Ƙasa mai mutum miliyan 10, miliyan 3 a birane, kashi 30 cikin ɗari ke nan. Bayan wasu shekaru ta koma miliyan 14, miliyan 4.2 a birane. Biranen sun ƙaru da mutum miliyan 1.2, amma kason yana nan a 30, domin karkara ma ta ƙaru daidai da haka. Idan tambaya ta ce ko ƙasar ta ƙara zama ta birane, amsar a nan a'a ce. Sai kason ya hau sannan za a ce haka. Saboda haka duk lokacin da ka ga lambobin birni da na ƙasa tare, fitar da kason kafin ka yanke hukunci.

Game da alƙaluman gaske, riƙe kaɗan waɗanda ka tabbatar. A ƙidayar farko ta 1955 zuwa 1956 biranen nan uku, Khartum da Bahri da Umdurman, mutanensu kusan rubu'in miliyan ne. A ƙidayar 2008 jihar Khartum ta haura miliyan 5. Waɗannan biyun sun isa su nuna saurin girman. Ka kuma tuna cewa ƙidayar 2008 ta haɗa da kudu, wadda ta ɓalle a 2011, don haka jimlar ƙasa ta wancan lokacin ba za a auna ta kai tsaye da ta bayan rabuwa ba. Lambar da kake shakka a kanta ka bar ta, ka rubuta "ya ninka sau da yawa". Lamba marar daidai tana ɓata batun da ka gina da kyau.

Misalan da ke hannunka

Ba sai ka haddace misali ashirin ba. Huɗu ko biyar da ka san shekararsu da wurinsu za su yi maka aiki a kusan kowace tambaya, in dai ka san irin ƙaurar da kowanne ke wakilta.

Tarihinmu ma misali ne mai kyau, kuma ina jin daɗi idan na ga ɗalibi ya yi amfani da shi daidai. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wannan ƙaura ce ta ƙetare iyaka, dalilinta addini da siyasa, ƙin zama a ƙarƙashin Turawa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, aikin gona ya riƙe mahajjata da yawa da ke kan hanya, wasu suka zauna dindindin. Wannan kuma dalilin ja ne na tattalin arziki. Labari ɗaya ya ba ka dalilai iri biyu. Amma ka kula, ƙaura ce zuwa karkara, don haka a tambayar dalilan ƙaura gaba ɗaya za ka kawo ta, a tambayarmu ta Khartum ba ta da wuri.

Idan aka tambayi ƙaurar dole da aikin raya ƙasa ya jawo, ga mutanen Wadi Halfa, waɗanda ruwan babbar madatsar Aswan ya ci garinsu, aka kwashe su zuwa Sabuwar Halfa kusa da Khashm al-Girba tun daga 1964. Idan ƙaurar neman aiki a waje ce, ga tururuwar da aka yi zuwa Saudiyya da sauran ƙasashen Tekun Fasha bayan tashin farashin man fetur a 1973, sakamakonta kuɗin da ake aikowa gida a gefe guda, asarar malamai da likitoci da injiniyoyi a ɗaya gefen.

Sai yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan suka gani da idonsu. Yana da wuya ɗalibi ya rubuta a kansa cikin natsuwa, na sani, amma idan ya fito a tambaya akwai abin da ya kamata a lura da shi. Wannan karon tafiyar ta juya. Birnin da shekara da shekaru yake jan mutane shi ya zama mai kora, miliyoyi suka fita zuwa Madani da Gadarif da Kasala da Bur Sudan da ƙauyukan iyayensu, wasu suka sake tashi karo na biyu da yaƙin ya isa Madani a watan Disamba na shekarar. Don haka gidajen nan huɗu da ka zana sai ka musanya kawunansu: Khartum a hagu, garin da aka sauka a dama. Sakamakon da za ka rubuta a dama shi ne hauhawar kuɗin haya, makarantun da aka mayar masauki har karatu ya tsaya, da matsi a kan asibiti da ruwan sha. A hagu kuma masana'antu da kasuwannin da suka rufe, da ma'aikatan da suka watse. Kada ka kira waɗannan mutanen masu neman aiki ko 'yan ci-rani, nazihai ne, kuma a jimlar farko ta amsarka ya kamata ka faɗi haka, ka kuma ware waɗanda suka tsallaka Cadi da Masar da Sudan ta Kudu a matsayin 'yan gudun hijira idan tambayar ta haɗa da su.